Basir ne ko fitar baya? Yadda ake bambance su da abin da kuskure ke jawowa

A ƙasar Hausa kusan duk abin da ya leƙo daga dubura sunansa basir. Dattijuwar da nama ke sauko mata idan ta tsuguna, magidancin da ke ganin jini bayan ya yi bayan gida, yaron da ya sha gudawa har bayansa ya fito, duk layi ɗaya ake sa su, kuma sau da yawa kwalba ɗaya ake miƙa musu a tasha ko a kasuwa. Kunya ma tana taimaka wa ruɗanin, domin wuri ne da mutum ba ya iya gani da kyau da idonsa, kuma ba ya son wani ya gani.

Amma cututtuka biyu ne daban ke fakewa a bayan wannan suna. Basir kumburi ne da zamewar wani nama mai jijiyoyin jini da ke bakin dubura daga ciki. Fitar baya kuwa hanji ne da kansa, ƙarshen babban hanji, ke juyewa ya fito waje. Ana iya warkar da yawancin basir da gyaran abinci da ƙaramin aiki a ɗakin ganin likita. Fitar baya a jikin babba ba ta jin magani na sha ko na shafawa, sai tiyata. A jikin ƙaramin yaro kuma akasin haka ne, yawanci ba ta buƙatar wuƙa ko kaɗan. Wanda ya rikita su zai iya shekara goma yana shan abin da ba zai amfane shi ba, ko ya bari a yanke masa abin da bai kamata a taɓa ba.

Yadda wurin yake

Babban hanji yana ƙarewa da wani sashe mai tsawon santimita 12 zuwa 15 wanda ke tara bayan gida kafin lokacin fitarsa. Wannan sashe yana kwance a cikin ƙugu, jingine da ƙashin da ke ƙasan gadon baya, kuma tantani da tsokar ƙasan ƙugu ne ke riƙe da shi a wurinsa. Daga shi sai wata gajeriyar hanya mai kamar santimita 4, ita ce mashigar dubura, wadda tsoka biyu masu zagaye ke rufewa. Ta ciki tana aiki da kanta ba tare da saninmu ba, ta waje kuma ita ce muke matsewa idan bayan gida ya matsa mu a inda babu halin yi.

A cikin wannan gajeriyar hanya akwai tudun nama guda uku masu laushi, cike da ƙananan jijiyoyin jini. Kowa da su aka haife shi, kuma suna da aiki: idan tsoka ta rufe, su ne ke toshe ɗan gibin da ya rage don kada iska ko ruwa ya zarce. Likitoci suna kwatanta wurarensu da fuskar agogo idan mutum ya kwanta rigingine, wato ƙarfe 3 da ƙarfe 7 da ƙarfe 11. Waɗannan tudun ne ke zama basir idan sun kumbura suka zame ƙasa.

Akwai wani abu kuma da ke bayyana dalilin da ya sa wani basir ke ciwo wani ba ya yi. Kimanin santimita 2 daga bakin dubura akwai iyakar da fatar waje ke haɗuwa da shimfiɗar hanji. Abin da ke ƙasa da wannan iyaka yana jin zafi kamar kowace fata. Abin da ke sama da ita ba ya jin yanka ko tsunkuli, sai dai nauyi da cika.

Basir da matakansa

Yawan yunƙuri saboda taurin bayan gida, daɗewa a tsugune, juna biyu da tsufan tantanin da ke riƙe da tudun nan su ne manyan abubuwan da ke kawo basir. Alamarsa ta farko ita ce jini ja sosai, mara ciwo, wanda ke ɗiga bayan an gama bayan gida ko a gan shi wajen tsarki. Jinin ba ya gauraye da bayan gidan, yana biyo bayansa ne ko ya shafi samansa.

Likitoci sun raba basir na ciki mataki huɗu gwargwadon saukowarsa. A mataki na farko yana zubar da jini amma ba ya leƙowa. A na biyu yana leƙowa lokacin yunƙuri ya koma da kansa. A na uku sai an tura shi da yatsa. A na huɗu yana zaune a waje, ko an tura ba ya tsayawa. Na uku da na huɗu su ne mutane ke kira basir mai tsiro, kuma su ne ake rikitawa da fitar baya.

Akwai kuma na waje, wanda jini ke daskarewa a ƙarƙashin fatar bakin dubura ya zama ƙullutu mai tauri, mai launin shuɗi-shuɗi, mai zafin da ke hana zama. Zafinsa ya fi tsanani a kwana biyu zuwa uku na farko, sannan ya riƙa sauka cikin mako ɗaya ko biyu. Wannan ba ya shiga ba ya fita, don haka ba shi da wuyar ganewa.

Fitar baya da masu kamuwa da ita

Wanda ya taɓa cire riga da sauri hannun rigar ya juye, cikinsa ya koma waje, ya ga abin da ke faruwa a fitar baya. Hanjin yana fara naɗewa cikin kansa daga can sama, sashen sama ya shige cikin na ƙasa, a hankali naɗin ya yi ta sauka har ya fito ta dubura da cikinsa a waje. A shekarar 1968 wasu likitoci biyu a ƙasar Suwidin, Broden da Snellman, sun nuna haka ta hanyar ɗaukar hoton hanji mai motsi yayin da masu ciwon ke yunƙuri. Don haka abin da ake gani a waje bangon hanji ne gaba ɗayansa, da shimfiɗarsa da tsokarsa, kuma ninki biyu ne, ɗaya a cikin ɗaya.

Ciwon ya fi kama mutane a farkon rayuwa da ƙarshenta. A manya ya fi yawa ga mata, musamman waɗanda suka haura shekara 50, waɗanda suka ninka maza kamar sau shida wajen kamuwa. Haihuwa da yawa da doguwar naƙuda suna raunana tsokar ƙasan ƙugu da jijiyoyin da ke motsa ta, shi ya sa ake yawan samun fitar baya tare da zazzagowar mahaifa ko ta mafitsara a jikin mace ɗaya. Duk da haka haihuwa ba ita kaɗai ba ce, domin kusan kashi ɗaya cikin uku na matan da ke da ciwon ba su taɓa haihuwa ba. Mazan da ke kamuwa sukan zama matasa ko masu matsakaicin shekaru, kuma sau da yawa akwai tarihin taurin bayan gida na shekaru, ko ciwon laka, ko shan magungunan da ke ɗaure ciki. Tiramol da kodin suna cikin irin waɗannan magunguna.

Abin da ido da hannu ke nunawa

Babbar alama ita ce yanayin layukan da ke jikin naman. Tunda fitar baya bututun hanji ne ya juye, ninkinsa yana fitowa zagaye a cikin zagaye, kowane layi ya kewaye naman gaba ɗaya, da rami guda a ƙarshensa. Basir kuwa ƙulle-ƙulle ne daban-daban, biyu ko uku, kuma tsagin da ke tsakaninsu yana tashi daga tsakiya ya nufi gefe. Idan layukan sun kewaya, hanji ne. Idan sun tsaga daga tsakiya zuwa waje, basir ne ko ɗan'uwansa.

Girma da launi ma suna magana. Basir da wuya ya wuce santimita 2 ko 3 a tsawo, kuma launinsa yakan yi duhu, ja mai sirkin shuɗi, saboda jinin da ya taru. Fitar baya takan wuce santimita 5, wata ta kai 10 ko fiye, dunƙule guda ce mai santsi, ja mai haske, tana naso da majina.

Likita yana ƙara da hannu. Idan ya kama naman tsakanin babban yatsa da manuni, fitar baya tana da kauri saboda bango biyu ne masu tsoka, basir kuwa laushi gare shi, yana lotsawa. Idan ya zagaya gindin naman da yatsa, a fitar baya yakan sami kwari tsakanin naman da bakin dubura, saboda naman daga ciki ya taho ya ratso ta ƙofar. A basir babu wannan kwari, naman a haɗe yake da fatar wurin. Bayan an mayar da shi, sai likita ya sa yatsa ya ce a matse. Mai basir yawanci tsokarsa tana da ƙarfi. Mai daɗaɗɗiyar fitar baya tsokarsa a sake take, wani lokaci ƙofar ma ba ta rufuwa da kyau.

Wannan raunin tsoka shi ne bambancin da mai ciwon zai iya lura da shi da kansa. Tsakanin rabi zuwa kashi uku cikin huɗu na manya masu fitar baya ba sa iya riƙe iska ko bayan gida yadda ya kamata. Za ka ji mutum yana kukan alwalarsa ba ta tsayawa, ko kullum wandonsa da danshin majina, ko ya daina zuwa masallaci da taron biki don tsoron abin kunya. Basir kan kawo ƙaiƙayi da ɗan danshi, amma ba ya sa bayan gida ya kufce wa mutum. Haka kuma mai basir jini ne babban kukansa, mai fitar baya kuwa kukansa saukowar nama ce da majina da jin kamar bai gama bayan gida ba. Idan ciwon ya yi nisa, tari ko atishawa ko tafiya kaɗai kan sauko da shi.

Akwai wani na tsakiya da ya kamata a sani. Wani lokaci shimfiɗar hanjin kaɗai ce ke zamewa ta leƙo, tsokar tana nan a wurinta. Wannan gajere ne, layukansa irin na basir ne, kuma maganinsa ya fi kusa da na basir. Ido kaɗai ba koyaushe yake raba shi da sauran biyun ba, shi ya sa hukuncin ƙarshe na likitan tiyata ne.

Misali daga farko zuwa ƙarshe

Mu ƙaddara wata dattijuwa ce mai shekara 65, ta haifi 'ya'ya takwas, 'yarta ta kawo ta asibiti da kukan basir na shekara shida. Ta sha jiƙe-jiƙe, ta yi zaman ruwan ɗumi, ta yi amfani da maganin cusawa na kemis. Likita ya kwantar da ita a gefen hagu ya duba, bai ga komai a waje ba sai ɗan jiƙewar fata. A nan ne ake yawan yin kuskure, domin fitar baya takan koma ciki idan mutum ya kwanta, sai a rubuta maganin basir a sallame shi.

Likitan da ya san aikinsa zai yi tambaya. "Mama, idan ya fito, kamar yaya girmansa?" Ta dunƙule hannu ta nuna. "Iska tana kufce miki ba da niyya ba?" Ta sunkuyar da kai, 'yar ta amsa cewa kusan shekara biyu ke nan tana ƙunzugu. Waɗannan amsoshi biyu sun riga sun karkata lissafi daga basir. Sai ya sa yatsa ya ce ta matse, ya ji ƙarfin kaɗan ne. Daga nan ya nemi ta tsuguna a kan fo a bayan labule, tare da ma'aikaciyar jinya, ta yi yunƙuri kamar tana bayan gida. Cikin minti ɗaya nama mai tsawon santimita 8 ya sauko, da layuka masu kewayawa da kauri a hannu. An gano ciwon ke nan.

Sauran aikin na shirin tiyata ne. Za a duba gabanta ko akwai zazzagowar mahaifa, don a san ko za a gyara su tare. Za a leƙa cikin babban hanji da na'urar kolonoskofi, ko aƙalla sashensa na ƙasa, domin a shekarunta ƙari a cikin hanji na iya zama abin da ke jawo naɗin. Za a auna jininta da sukarinta da lafiyar zuciyarta. Idan jikinta da ƙwari, aikin ta ciki ya fi dacewa da ita. Idan tana da ciwon zuciya ko rauni ya yi yawa, sai a yi ta ƙasa da allurar gadon baya mai kashe rabin jiki.

Da a ce naman da ya sauko ƙulle uku ne masu duhu, tsayinsu santimita 2, tsokarta kuma da ƙarfi, kukanta jini ne, to da basir ne mataki na uku, kuma mai yiwuwa a gama da shi ba tare da ta kwana a asibiti ba. Ga wanda kunya ko nisa ya hana a ga naman a gaban likita, hoton waya da aka ɗauka a gida lokacin da ya fito yana taimakawa ƙwarai.

Magani biyu da ba sa musanyuwa

Maganin basir yana farawa daga tukunya. Ana so bayan gida ya yi laushi ya fita ba tare da yunƙuri ba, ta hanyar cin abinci mai harza kamar wake, zogale, rama, kuɓewa, gero da dawa da ba a surfe su sosai ba, da 'ya'yan itace, tare da wadataccen ruwa da rage daɗewa a bayi. Wannan kaɗai yana tsayar da jini ga mutane da yawa a mataki na farko da na biyu. Idan bai isa ba, likita yana ɗaura ƙaramin zoben roba a gindin basir ɗin, can sama da iyakar jin zafi, jini ya daina isa gare shi, ya bushe ya faɗi cikin kamar mako guda. Ana kuma yi masa allurar da ke sa ya ƙanƙance. Manya ne kaɗai ake yankewa, kuma hanyar da likitoci biyu, Milligan da Morgan, suka bayyana a asibitin St Mark da ke Landan a 1937 har yau ana amfani da ita.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke gyara fitar baya, domin matsalar tana can sama inda hanji ya saki maƙalarsa. Gyaran abinci yana rage yunƙuri, amma ba ya mayar da hanjin mazauninsa. A aikin ta ciki, ko da buɗe ciki ko da na'ura ta ƙananan huda, ana ɗago hanjin a ɗinke shi a jikin ƙashin ƙugu na baya, da zare ko da raga ta musamman. Wannan shi ya fi ƙarancin dawowa. A aikin ta ƙasa akwai hanyoyi biyu sanannu. A ta Delorme, wadda ta fi dacewa da gajeriyar fita, ana fere shimfiɗar hanjin a tattare tsokar da ɗinki. A ta Altemeier ana yanke sashen da ya fito gaba ɗaya a haɗa na sama da mashigar dubura. Waɗannan sun fi sauƙi a jikin tsoho, amma ciwon ya fi saurin dawowa bayansu.

Jinkiri yana da farashi. Duk lokacin da hanji ya ratso ta ƙofar yana buɗa tsokar, yana kuma jan jijiyar da ke motsa ta. Bayan tiyata mutane da yawa suna samun sauƙin riƙe bayan gida, amma wanda ya shekara da shekaru yana maganin basir kafin ya zo, tsokar ba lalle ta dawo yadda take ba.

Haɗari mafi girma shi ne yanka ko ɗauri a wajen asibiti. Masu cire basir a gida suna ɗaure tsiro da zare, ko su shafa masa abu mai ƙuna, ko su yanke. Ko a kan basir na gaskiya wannan na kawo zubar jini da ruɓewa da tabon da ke tsuke dubura. A kan fitar baya kuwa abin ya wuce nan. Tsakanin bango biyun nan, ta ɓangaren gaba, akwai aljihun tantanin ciki da ke saukowa tare da hanjin, wani lokaci har da ƙaramin hanji a cikinsa. Wanda ya sa wuƙa a nan ya huda hanji, ya kuma buɗe hanya daga bayan gida zuwa cikin ciki. Wannan na iya kashe mutum cikin 'yan kwanaki.

Idan yaro ne

Basir abu ne mai wuyar samu a jikin ƙaramin yaro. Idan nama ja ya fito wa ɗan shekara ɗaya zuwa huɗu, mafi yawan lokuta fitar baya ce, ko da a gida an kira shi basir ko ɗankanoma. A wannan shekaru ƙashin ƙugu bai gama lanƙwasa ba, hanjin yana tsaye kusan a miƙe, kuma kitsen da ke gefensa ne ke tallafa masa. Gudawa mai daɗewa, atini, tamowa da ke cinye wannan kitse, tari mai tsanani irin na shiƙa, taurin bayan gida, da wata tsutsar ciki siririya mai siffar bulala da ke zama a babban hanji, su ne ke tura shi waje.

Maganin yaro shi ne maganin abin da ya jawo. A gwada bayan gidansa, a ba shi maganin tsutsa ko na atini idan an samu, a ba shi ruwan gishiri da sukari da ƙwayar zinki idan yana gudawa, a gyara abincinsa, a daina barinsa ya daɗe a kan fo. Jiƙon da ke sa zawo da sunan wanke basir yana ƙara wa wutar itace ne kawai. Idan naman ya fito, uwa ta wanke hannu, ta kwantar da yaron, ta shafa man basilin a yatsa ko ƙyalle mai tsabta, ta danna a hankali ba tare da sassautawa ba har ya koma, sannan ta haɗe ɗuwawunsa na ɗan lokaci. Yawancin yara suna rabuwa da shi da kansu idan suka murmure suka ƙara girma. Kaɗan ne ke buƙatar allurar da ke manne hanjin ko ƙaramin aiki.

Abubuwa biyu na iya kama da shi a yara. Ɗaya ƙaramin tsiro ne mai wuya, ja, da ke leƙowa yana jini, wanda ake cirewa cikin sauƙi a asibiti. Ɗayan kuma naɗewar hanji ce daga can sama a jikin jariri, mai zuwa da kukan ciwon ciki mai tashi yana lafawa, da amai, da bayan gida mai jini da majina. Wannan na gaggawa ne, ba a jira da shi wayewar gari.

Lokacin da ba a jira

Fitar baya da ta ƙi komawa tana kumbura, kumburin kuma yana ƙara hana ta komawa. Likitoci suna da dabara mai sauƙi: a barbaɗa sukarin shayi a kan naman, a jira minti 15 zuwa 20, sukarin ya tsotse ruwan kumburin, sannan a tura a hankali. Idan hakan bai yi ba, ko naman ya fara duhu zuwa baƙi, ko ciwo ya tsananta, ko zazzaɓi ya shigo, to jini ya daina isa wurin, kuma asibiti mai likitan tiyata za a nufa a wannan sa'a. Haka ma basir mataki na huɗu da ya shaƙe ya yi tauri yana zafi.

Jini ma bai kamata a yanke masa hukunci a gida ba. Kansar ƙarshen hanji tana zubar da jini kamar basir, kuma mutum na iya zama da su biyun tare. Jini mai duhu ko gauraye da bayan gida, canjin yanayin bayan gida na makonni, rama ba dalili, ƙarancin jini, ko fara ganin jini bayan shekara 40, duk suna buƙatar a leƙa ciki, ko da an ga basir a bakin ƙofa.

Wanda zai je asibiti da irin wannan kuka ya tafi da amsar tambayoyi huɗu: mene ne girman abin da ke fitowa, dunƙule guda ne ko ƙulle-ƙulle, yana komawa da kansa ko sai an tura, kuma iska ko bayan gida na kufcewa ko a'a. Idan likita ya duba a kwance bai ga komai ba, mai ciwon ya nemi a duba shi a tsugune, ko ya nuna hoton da ya ɗauka. Mace tana da damar neman ma'aikaciya mace ta tsaya tare da ita. Binciken ba ya wuce 'yan mintuna, kuma shi ne ke raba wanda wake da zogale da zoben roba za su ishe shi da wanda hanjinsa ke buƙatar ɗinki tun tsokarsa tana da sauran ƙarfi.